Ƙaryar Hoto Ba Ta Cika Ɗaki Sau Biyu

Akwai wata shawara da masu gidajen saukar baƙi a Kano suke gada daga juna kamar karatun allo: wai in za ka saka gidanka a Booking.com ko Airbnb ko Hotels.ng, to ka zuzuta shi iya ƙarfinka. Ka kira shi fada, ka ce yana tsakiyar gari, ka ce wuta ba ta ɗaukewa, ka sa yaron da ya iya waya ya gyara hotuna har bango ya riƙa sheƙi. Hujjarsu ita ce kowa haka yake yi, kuma baƙo in ya riga ya sauke jaka ba zai koma ba. Ni ina ganin wannan shawara algus ce, kuma algus ɗin da mai yin sa ne yake fara kwana a ciki.

Mu ɗauki misalin gida mai ɗaki shida a Tarauni, kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Su wa ke kwana a irin wannan gida? Masu jinya da suka kawo mara lafiya daga Haɗeja ko Damagaram, likitan da ya zo taron kwana uku, ɗan kasuwar da zai yi sammakon Kantin Kwari. Amma sai ka ga taken da aka rubuta shi ne "Luxury Apartment in the Heart of Kano". Airbnb haruffa 50 kacal yake ba ka na take, ga shi an ƙarar da su a kan kalmomin da gida ɗari ke amfani da su, ba a gaya wa mai jinyar nan komai ba. Da mai gidan ya rubuta "En-suite room near AKTH, Tarauni, solar all night", da ya faɗi abu huɗu a layi ɗaya: ɗaki ne mai banɗaki a ciki, kusa da asibiti, a unguwa kaza, kuma da wuta cikin dare. Wanda ke neman wannan zai danna nan take. Wanda ke neman wurin ninkaya zai wuce, kuma wucewarsa alheri ce ga kowa.

Maganar wuri ta fi kowace cutarwa. "Tsakiyar gari" a Kano ina ne? Ƙofar gidan Sarki, ko Sabon Gari, ko Nasarawa? Masu rubuta "minti biyar zuwa filin jirgi" sun san da tsakar dare suka auna, in ma sun auna. Baƙon da ya yarda da su shi ne zai zauna cikin cunkoso yana kallon agogo, jirginsa na shirin tashi. Abin da ya dace shi ne a faɗi unguwa da babban titi mafi kusa, a ba da nisan a kilomita, a ƙara da lokacin da tafiyar ke ci da safe da kuma bayan la'asar. In layin gidan ba kwalta kuma yana cin ruwa a watan Agusta, a faɗa. Sannan mai gida ya tsaya a bakin ƙofarsa ya duba inda alamar taswira ta sauka. Da yawa sukan ja ta da gangan zuwa bakin babban titi, baƙo ya iso da daddare a adaidaita sahu yana zagaye a inda ba gida. Wannan baƙon ya gama yanke hukunci kafin ya ga gado.

Sai wuta, inda nake so mu daɗe. "Wuta awa 24" ita ce jimlar da ta fi kowace yawo a waɗannan shafuka, alhali ko layin Band A da aka tsawwala wa kuɗi a watan Afrilun 2024, awa 20 aka yi masa alkawari. Baƙo kuwa in ya karanta awa 24, kuma ya ga an zayyana na'urar sanyaya ɗaki cikin kayan more rayuwa, haɗa su yake yi wuri guda: sanyi har asuba. Gaskiyar gidan namu na Tarauni wata ce dabam. Sola da batir suna ɗaukar fanka da fitila da cajin waya, ba sa ɗaukar na'urar sanyi. Janareta kuma ana kunna shi ne daga magariba zuwa sha biyun dare, saboda tsadar mai. To me zai hana a rubuta haka, kalma da kalma? A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, bambancin fanka da na'urar sanyi shi ne bambancin barci da kwana zaune. Mutumin da aka gaya wa gaskiya zai zo da shirinsa, har ya yi godiya da fankar ba ta tsaya ba. Wanda aka yaudara, fankar nan ɗaya zai kwana yana tsine wa. Haka ruwan zafi yake a lokacin hunturu: in a bokiti ake kawowa, a ce a bokiti ake kawowa.

Hoto ma magana ce, kuma yana iya ƙarya. Maɓallin 0.5x na waya yana buɗe ɗaki ya ninka girmansa a ido, ana gane shi da yadda ƙofa da gefen gado suke miƙewa a bakin hoton. Wata dabarar ita ce a ɗauki ɗaki mafi kyau guda ɗaya a liƙa wa duka shidan, ko a bar hoton ranar da aka gama fenti shekara huɗu baya. A ɗauki kowane irin ɗaki da kansa, da rana, labule a buɗe, waya a daidai ƙirji. A nuna banɗaki, domin gidan da ya ɓoye banɗakinsa ya riga ya ba da labarinsa, kuma dattijuwa mai ciwon gwiwa tana da haƙƙin sanin ko na zama ne ko na tsuguno. A nuna ƙofar gida daga titi da wurin ajiye mota.

Za a ce mini, Malam, in na faɗi aibina maƙwabcina da ya yi ƙarya zai kwashe baƙin. Zai kwashe na wata biyu, ban musa ba. Amma waɗannan shafuka ba tashar mota ba ce da fasinja zai wuce a manta. A Airbnb akwai maki na musamman mai suna Accuracy, wanda baƙo ke bayarwa a kan ko abin da ya tarar ya yi daidai da abin da aka rubuta, kuma in bambancin ya yi yawa yana da awa 72 ya kai ƙara ya nemi a mayar masa da kuɗi. A Booking.com maki a kan goma ake bayarwa. Yi lissafi da kanka: baƙi goma sun ba ka tara-tara, sai uku da suka kwana cikin zufa suka ba ka uku-uku. Jimla 99, a raba gida 13, ka dawo 7.6. Masu neman masauki da yawa suna tace sakamako su bar gidajen da ke da 8 zuwa sama kaɗai, wato ka ɓace daga idonsu gaba ɗaya. Ƙaramin gida mai ƙarancin sharhi shi wannan duka ya fi yi wa illa, domin babban otal yana da ɗaruruwan sharhi da za su shanye fushin mutum uku.

Ko da babu maki, ni ba zan sauya magana ba. Mai biyan kuɗi kafin ya gani amana ya ba ka, kuma sau da yawa mutum ne da ya taso daga nesa da mara lafiya a mota. Mai gidan Tarauni ya buɗe shafinsa yau, ya goge "awa 24", ya rubuta ƙarfe nawa ake kashe janareta.