Zauren Ɗalibai: Idan za mu bar gurbin karatu, mu yi sallama

A wannan mako za mu duba halin da wata ƙanwar ɗakinmu ta shiga. Jami'ar jiharsu ta ba ta gurbin karanta ilimin sinadarai, ana cikin haka sai wata jami'a a Jamhuriyar Nijar ta ɗauke ta aikin jinya, abin da ta daɗe tana buri. Shawarar da ta fara samu ita ce ta yi shiru kawai, ai za su gane.

Mu dai ba mu goyi bayan shirun ba. Kowane sashe yana da adadin ɗaliban da aka yarje masa ya ɗauka. Muddin sunanta na zaune a gurbin, wani da ke biye da ita a maki yana gida yana jira.

Sai dai kafin mu ce a'a, mu tabbatar da inda za mu. Kada mu saki reshe mu kama ganye. Takardar ɗauka ta zo hannu? An amince da kwas ɗin? Kuɗin makaranta zai samu? Sai an amsa waɗannan sannan mu shiga shafin CAPS na hukumar JAMB, inda ake da zaɓi biyu, `Accept` da `Reject`. Danna na biyun ba abin gwaji ba ne, domin janye shi ba ƙaramin aiki ba ne. Haka kuma wanda ya riga ya biya kuɗin karɓar gurbi, yawanci ba a mayar masa.

Bayan nan sai gajeriyar wasiƙa zuwa ga magatakardan jami'ar, ɗauke da cikakken suna, lambar rajistar JAMB, kwas da shekarar karatu. Ga ma'anar abin da muka taya ta rubutawa: “Ina godiya da gurbin da kuka ba ni a sashen ilimin sinadarai. Bayan shawara da iyayena, na karɓi gurbi a wata makaranta, don haka ba zan samu zuwa ba. Ina roƙon a ba wani wannan dama.” Iyakarta ke nan. Ba ta kushe jami'ar ba, ba ta kawo zancen yajin aiki ba, ba ta kuma ƙirƙiro rashin lafiya ba. Ta ajiye kwafi.

Abin da ya fi wuya shi ne kawunta, wanda ya yi ta zirga-zirga a kan gurbin. Wannan ba na saƙon waya ba ne. Ta taka har gida ta ce, “Kawu, na zo godiya da neman afuwa,” tun kafin ya ji a bakin wani.

Wa ya sani, wataƙila ƙofar da muka bari yau ita za mu ƙwanƙwasa neman digiri na biyu. Sai mako mai zuwa.