Sharhinmu: Sallama ga Malamin Aji Ɗaya

Wannan shi ne jawabin da reshen ƙungiyarmu ya karanta a taron malamai na ban kwana da dattijonmu, wanda ya ajiye alli bayan shekara 35 yana koyarwa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma.

 

Malam ya kama aiki da takardar Gired Tu, lokacin Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, ba ta daɗe da tsayawa da ƙafarta ba. Ya fara a wata makarantar ƙauye a ƙasar Kurfi, yana zuwa a kan keke. Da aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar malanta, ya koma karatu da girmansa ya samo ta. An sha yi masa tayin aji shida, inda ake ganin daraja take, yana cewa a bar shi a aji ɗaya. Saboda haka yau ba za mu tsaya lissafa makarantun da ya zauna ba. Za mu faɗi abu guda da ya ƙware a kai, wato fitar da yaro daga hadda zuwa karatu, domin shi ne abin da muke tsoron ya tafi tare da shi.

Duk wanda ya riƙe ƙaramin aji ya san wannan ciwo. Malami ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya har a jiyo su daga bakin titi. Mai wucewa sai ya ce karatu ya kankama. Alhali yaranmu masu kaifin hadda ne, kunne ne yake aiki, ido yana hutawa. Irin wannan yaro yakan kai aji huɗu ba a gane ba, sai ranar da aka miƙa masa takardar da bai taɓa jin an karanta ba.

Malam yana da gwajin da ba ya cin minti biyu. Yakan kira yaro shi kaɗai, ya rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, ya nuna kalma ta ƙarshe a layi maimakon ta farko. Da yawanmu muna tuna wata yarinya da aka mayar da ita makarantarsu daga wani gari, da shaidar cewa ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ta rera shafi guda ba tuntuɓe. Malam ya rubuta "tuta" a allo, ta karanta. Ya juya gaɓoɓin ya rubuta "tatu", ta dube shi ta sake cewa "tuta". Nan ya gane siffar kalmar ta riƙe, ba ta san aikin kowane harafi ba. Bai kunyata ta ba, bai kuma mayar da ita baya ba. Ya riƙa zama da ita da wasu irinta minti 15 a lokacin tara, kuma kafin ƙarshen zangon ta fara haɗa kalmomin da ba ta taɓa gani ba.

Hanyar da ya bi da ita, ita ce hanyarsa da kowa. Yakan fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, ba ya wucewa sai yaro ya iya nuna kowanne a hargitse. Sannan ya kawo baƙaƙe kaɗan masu sauƙin furuci, irin su m, n, b, t, k, yana koyar da sautinsu, ba sunansu na Turanci ba. Dalilinsa shi ne, yaron da aka koya wa cewa wannan harafi "bi" ne, in ya ga b da a sai ya ce "biya". Daga nan sai gaɓa: ba, be, bi, bo, bu, kowace a kan guntun kwali da ya yanka daga kwalin sabulu. Yaro ya ɗauki biyu ya haɗa, ya sami "kaka" ko "nama" ko "tabo". Ranar da yaro ya haɗa kalma da hannunsa ya ji ta fito da ma'ana, a wurin Malam ranar ce ya shiga makaranta.

Haruffa masu ƙugiya kuwa ba ya gaggawar kawo su, kuma in ya kawo su, bibbiyu yake jera kalmomin: kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bata da ɓata, baki da baƙi. Yakan sa yara su faɗi bambancin ma'anar da kansu, har su yi dariyar wanda ya rubuta cewa an yi baki a gidansu. Bayan wannan dariya da wuya yaro ya sake mance ƙugiya.

Akwai kuma wata hikima da sai wanda ya san yaran ƙasar nan zai yi ta. Ɗan Kurfi ko Dutsin-Ma yana zuwa makaranta da Katsinancin gidansu. Yana cewa "hwara", littafi ya rubuta "fara". Yana cewa "ɗiya", littafi ya rubuta "'ya". Malami marar haƙuri sai ya ce yaron ya yi kuskure, yaro ya kama bakinsa, ya daina ɗaga hannu. Malam yakan rubuta duka biyun a allo, ya ce wannan ta gida ce, wannan ta littafi, kuma kowace Hausa ce. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Mun karanta wannan a kwaleji, amma a ajin Malam muka ga yadda ake yinsa.

Ba za mu ce hanyar ba ta da iyaka ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Tana bukatar a saurari kowane yaro shi kaɗai, kuma a ajin da ya cika ya batse, mako guda ba ya isa a zagaya kowa. Damina ma takan ɗebe yara zuwa gona, su dawo sun zubar da rabin abin da suka koya. Maganin da ya samo shi ne wani tsohon littafin rajista, inda gaban sunan kowane yaro yake rubuta matakin da ya tsaya: wasali, gaɓa, kalma ko jimla. In yaro ya dawo bayan girbi, daga nan ake ɗorawa.

'Yan uwa, ga inda maganar ta shafe mu. A makarantu da yawa aji ɗaya shi ake bai wa sabon ɗauka, ko wanda aka rasa inda za a sa shi. Reshenmu yana roƙon shugabannin makarantu su sauya wannan al'ada, su sa gogaggen malami a ƙofar shiga, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun kuma roƙi Malam, ya amince, zai zauna da malaman ƙananan azuzuwa na Kurfi da Dutsin-Ma ya nuna musu kwalayensa da rajistarsa. Za mu sanar da rana ta hannun wakilan makarantu.

Mu ma akwai hakkinsa a kanmu. Reshe ya ɗauki alkawarin bin takardunsa na fansho da garatuti daga tebur zuwa tebur, tare da sanar da mambobi inda aka kwana a kowane taro, har ranar da hakkinsa zai shiga hannunsa.

Ga Hajiya, uwargidan Malam, da 'ya'yansa, mun gode da haƙurin da kuka yi da dararen yankan kwali. Malam, ranka ya daɗe, a cikin wannan ɗaki akwai malamai masu furfura da kai ka fara ɗora yatsansu a kan harafin a. Idan mun saɓa maka a zaman tare, ka yafe mana. Allah Ya ba ka lafiya da hutu mai albarka, Ya sa abin da ka koyar ya zama sadaka mai gudana, Ya sa mu ma mu gama lafiya. Amin.