Manhajar kyauta ma da kuɗinta

Mu masu ƙananan injinan matse gyaɗa a Katsina mun daɗe muna musu kan manhajar ERP, wadda ke haɗa sito, aikin inji da lissafi wuri guda.

ERPNext ba ta da kuɗin lasisi. Odoo Enterprise kuwa ana biyan ta ne bisa kowane mai amfani, da kuɗin waje. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen ₦460 ta haura ₦1,400 a 2024, lasisin ya ninka kusan sau uku ba tare da mun ƙara matse buhu ɗaya ba.

Amma ta kyautar ma tana cin kuɗi a ɓoye. Muna sayen gyaɗa a buhu, mu sayar da mai a jarka, tunkuza kuma a kilo. Sai wani ya zauna ya shigar da nauyin buhu da yawan man da yake bayarwa. In ya kuskure, allo zai nuna jarka 40, a sito a tarar da 33. In matashin da ya girka ta ya koma Abuja, zauren masu amfani da ita ba zai amsa mana waya ranar da ta tsaya ba.

Mu dai mun zaɓi ERPNext, bisa sharaɗi biyu: yarjejeniyar gyara a rubuce, a naira, da kuma gwada dawo da ajiyar bayanai a gabanmu kafin mu biya.