Fitar da Hirar WhatsApp: Riba da Illa ga Manomin Rani

A Bunkure da Kura, inda ruwan Tiga ke shayar da gonakin rani, cinikin tumatir da yawa a WhatsApp ake ƙulla shi. Manomi ya loda kwanduna a Kwanar Gafan, dillali ya sauke a Mile 12 ta Legas, sauran magana duk a waya: kwando nawa ya isa, nawa ya ruɓe, nawa aka turo. Ranar da lissafi ya saɓa, hirar nan ce shaida.

Fitar da ita ba wuya. A wayar Android ka buɗe hirar, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, sai `More`, sai `Export chat`. Za ka samu fayil na `.txt`, kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa da mai shi. Yana buɗuwa ko ba WhatsApp, ana iya buga shi a takarda a kai wa mai sasanci, kuma in ka ajiye shi a wani wuri, ko waya ta faɗa kwata bai tafi da ita ba.

Tarkon yana wajen zaɓi. `Without media` yana ɗauko saƙonni har 40,000 na baya-bayan nan, `Include media` kuwa 10,000 kawai. Mutum sai ya ga na farkon ya fi auki. To amma mu da murya muke ciniki, ba da rubutu ba. In ka zaɓi na farkon, duk inda dillali ya yi magana ko ya turo hoton rasit, abin da za ka tarar ke nan:

```
<Media omitted>
```

Alƙawarin farashi ya tafi ke nan. Don haka ka fitar sau biyu, da kaya da kuma ba kaya. Bidiyo kan kumbura fayil, ga shi Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, sai dai Google Drive. Hoton da ka riga ka goge da na kallo-ɗaya ba sa fitowa. Kana gamawa ka buɗe ka duba ranar layin farko. In ba ta kai farkon kakar ba, an yanke tsofaffin saƙonni.

Babbar illar ita ce fayil ɗin ba shi da makulli. Duk wanda ya same shi zai karanta lambobin asusu da bashin da ake bin ka, har lambobin wayar 'yan zaure in hirar ƙungiya ce. Kowa kuma na iya mayar da kwando 60 ya zama 80, shi ya sa abokin gardama zai iya musantawa. Ba ya kuma komawa cikin WhatsApp, saboda haka kada ka goge hirar asali.

Ka ajiye kwafi ɗaya a Drive mai tabbaci mataki biyu, ɗaya a filas cikin akwati a gida. In ka kai shagon kwamfuta bugawa, ka tsaya a kansu har su goge shi, har daga `Recycle Bin`.