Littafin injin niƙa: "zuba mai" ba umarni ba ne

A Tahoua da ƙauyukan arewacin Adar, sau da yawa kuɗin ɗan cirani ne ke sayo injin niƙa. Yaya na Abijan ko Libiya ya turo kuɗi, a kafa injin, a ɗora ƙane a kai. Littafin da ya zo cikin akwati da Turanci ko Faransanci yake, don haka sai a nemi wani mai boko ya juya shi zuwa Hausa a takarda ɗaya, a manna a bango. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ina sa ran irin wannan fassara za ta yawaita. Ra'ayina shi ne, mai fassarar da ya bi jimlar Bature kalma da kalma ya bar yaron injin cikin hatsari, ko da nahawunsa ya yi kyau.

Na karanta irin wannan takarda a wata rumfar niƙa a cikin gari. Layin farko ya ce: "A zuba mai kafin a tada injin." Wane mai? A bakinmu gazuwal mai ne, fetur mai ne, baƙin man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe shi ma mai ne. Abin da littafin ke nufi shi ne baƙin mai. Yaron da ya cika tanki da gazuwal ya bi umarnin takardar daidai, amma idan babu baƙin mai a ciki, injin zai yi zafi ya ƙame. Ya kamata a rubuta: "Zaro sandar awon baƙin mai, ka goge ta, ka mayar, ka sake zarowa. Baƙin man ya kasance tsakanin alama ta sama da ta ƙasa." Haka "wuta" take: "kashe wuta" na iya zama lantarki, na iya zama gobara.

Layin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na buɗe murfi: "Buɗe murfi bayan an kashe injin." Mai karatu, ko wanda ake karanta wa, "buɗe" ya fara ji, hannu kuma yakan riga kunne. Sannan kashe injin daban, tsayawarsa daban. Gudumomin da ke farfasa hatsi a irin wannan injin na juyawa wajen sau 3,000 a minti, kuma suna ci gaba da gudu na ɗan lokaci bayan an kashe. Wanda ya zura hannu don cire abin da ya toshe rariya a wannan tsakani, yatsunsa ne a bakin guduma.

Gyaran shi ne a jera matakan yadda hannu zai yi su, aiki ɗaya a layi ɗaya. Kashe injin. Idan na lantarki ne, sauke makunnin bango ka kulle shi da kwaɗo, makullin a aljihunka, don kada wani ya kunna kana ciki. Dubi bel da fuli har su daina motsi gaba ɗaya. Sai a nan ka buɗe murfi. Na lura ma "bayan" kanta tarko ce: "bayan injin" wuri ne, "bayan ya tsaya" lokaci ne, gara a ce "sai ya tsaya tukuna".

Akwai kuma matakan gargaɗi uku da masu ƙera inji ke bambantawa. DANGER a kan ja na nufin in ba a kauce ba za a mutu ko a ji mummunan rauni. WARNING, wato AVERTISSEMENT, a kan ruwan lemo, na nufin hakan na iya faruwa. CAUTION, wato ATTENTION, a kan rawaya, ƙaramin rauni ne ko matsakaici. Takardar da na gani ta mai da dukansu "hattara". Ni da zan rubuta, na farko "hatsarin mutuwa" ne, na biyu "gargaɗi", na uku "hattara", kuma ba zan canza su ba daga shafin farko har na ƙarshe. A ƙarƙashin kowanne a faɗi abin da zai faru: "Bel na kama riga ya ja hannu. Kada ka matso da babbar riga ko rawani a sake."

Wani zai ce yaran injin da yawa ba sa karatun boko, to ina amfanin wannan wahala? Ai nan ta fi amfani. Karanta musu ake yi, ko a tura saƙon murya ta WhatsApp daga Abijan, kuma murya ba ta ɗauke da ja ko rawaya. Kalmar ce kaɗai ke isa kunne.

Abin da aka rubuta a jikin injin, kamar STOP, a bar shi yadda yake a cikin fassarar, tunda shi yaron zai nema da ido. Kafin a manna takardar kuma, a karanta wa sabon yaro ita a gaban injin da aka kashe, ya nuna kowane mataki da hannu ba tare da an yi masa bayani ba. Duk layin da ya tsaya ya tambaya "wanne?", a sake rubuta shi.