Idan Za Ka Fasa Zuwa Intabiyu, Wa Za Ka Fara Kira?

Mai karatu, a garuruwanmu na yammacin Kano, irin su Karaye da Rogo, da wuya a kira mutum intabiyu ba tare da wani ya sa baki ba. Ko dai kawunka ne ya miƙa takardunka, ko tsohon malaminka ya ce wa mai makaranta "yaron kirki ne, ku gwada shi". Saboda haka in ka fasa zuwa a ƙurarren lokaci, abin da ke cikin haɗari ya wuce aikin. Mutuncin wanda ya tsaya maka ne a kan layi, kuma ta hannunsa za a sake kiranka gobe.

Bari mu ɗauki misali. A ce kana Unguwar Hajji da takardar NCE, wata makarantar kuɗi a birnin Kano ta sa maka ranar Litinin ƙarfe 10 na safe. Ranar Lahadi da yamma sai wata makaranta a Karaye ta tabbatar maka da aiki. Ka yi lissafi: albashin Kano ya ɗan fi, amma haya da kuɗin mota za su cinye bambancin, ga gona, ga tsofaffi a gida. Ka zaɓi Karaye. To, yaya za ka yi da ta Kano?

Da farko ka tantance wa kanka abin da kake nema: ɗagewa ko janyewa. Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi tafiya, ɗagewa yake roƙo, sai ya faɗi ranar da zai iya zuwa. Kai kuwa janyewa za ka yi. Kada kunya ta sa ka ce "a ɗaga min zuwa wani mako" alhali ka san ba za ka je ba, domin ranar da suka sake jiranka ba ka zo ba, ranar ƙofar za ta rufe.

Sannan a daren Lahadin nan, bayan Magariba, ka kira wanda ya yi maka hanya kafin kowa. In a gari ɗaya kuke, ka taka ka same shi. Ka ce: "Kawu, na samu aiki a Karaye, na ga ya fi min saboda su Baba. Na ce kada ka ji a bakin wani." Mai yiwuwa ransa ya ɗan sosu, amma hakan ya fi a kira shi ranar Litinin da hantsi a tambaye shi ina yaronsa, shi kuma ya rasa ta cewa. Sau da yawa ma shi zai gaya maka wanda ya dace ka kira a can.

Bayan nan sai makarantar. Ka kira lambar da aka gayyace ka da ita, kira na sosai da katinka, ban da filashin. In dare ya yi, ka tura saƙo, ka bi shi da kira wajen ƙarfe 8 na safe. Da yake sabis kan yi wasa a ƙauye, ka tura ta tes da WhatsApp duka, ka duba ko ya shiga. Ga yadda saƙon zai kasance:

"Assalamu alaikum. Ni ne Wane daga Unguwar Hajji, wanda aka sa wa intabiyu gobe Litinin ƙarfe 10. Ina neman afuwa, na janye saboda na karɓi wani aiki kusa da gida. Na gode da damar da kuka ba ni, kuma a yi haƙuri da ƙurewar lokaci. Zan so takarduna su zauna a wurinku ko Allah zai haɗa mu nan gaba."

Ka lura dalilin jimla ɗaya ce, kuma gaskiya ce. Kada ka ƙirƙiro rasuwa ko hatsarin mota. Ramin ƙarya ƙurarre ne: wani daga makarantar zai yi wa kawunka ta'aziyyar mutuwar da ba a yi ba. Kada ka soki albashinsu, kada kuma ka ce ƙanenka zai zo a madadinka, domin gurbin ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi.

Yaya za ka gane ƙofar tana buɗe? In an amsa da "ba komai, Allah Ya sa alheri", ka yi godiya a taƙaice. In an yi shiru, kada ka dame su da kira. Ka yi naka. Bayan wata biyu ko uku, duk ranar da ka shiga Kano, ka biya ka gaishe su ba tare da ka roƙi komai ba. Makarantu kan nemi malamai gab da sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, kuma idan an buɗe fayil, ana tuna wanda ya kira ya ba da haƙuri.