Saƙon farko ga mai kanti: abin da ba mu koya wa ƴaƴanmu ba

Wani tsohon ɗalibina ɗan Buza ya same ni a Madawa ana dab da fara shirin albasar rani, ransa a ɓace. Bai ci jarrabawar bakaloriya ba, sai ya koya wa kansa tsara hotunan talla a wayar salula da Canva da PixelLab, kuma hannunsa ya faɗa. Ya bi bakin babbar hanyar da ta taso daga Kwanni ta ratsa garin ta nufi Maraɗi, ya kwafi lambobin wayar da ke jikin allunan kantuna kusan arba'in, ya tura wa kowa saƙo iri ɗaya ta WhatsApp. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma da kalma biyu: "Wane ne?"

Ya ce mini, "Mushe, mutanenmu ba su san darajar wannan aiki ba."

Na karɓi wayar na karanta. Ra'ayina tun ranar bai sauya ba: masu kantunan ba su yi laifi ba, saƙon ne bai yi musu magana ba. Kuma wani kaso na laifin namu ne, mu malamai da iyaye, domin mun koya wa yara wasiƙar neman aiki zuwa ga ofis, ba mu koya musu yadda ake gabatar da kai ga ɗan kasuwa ba.

Saƙon da Faransanci yake, ya kai layi goma sha biyar. Ya fara da gaisuwar ofis, ya kira kansa ƙwararre, ya jera ayyuka tara da yake iyawa, daga tambarin kamfani har katin gayyatar aure, ya liƙa hotuna shida da ya yi wa kamfanonin da babu su a duniya. Babu sunan mahaifinsa, babu unguwa, babu farashi, babu ko kalma ɗaya game da kantin mutumin da ake yi wa magana. Salon da muka koya masa a aji ne, wanda ni ma aka koya mini a makarantar horas da malamai. Yana da amfani a gaban darakta. Amma mai kanti da ke auna wa mutum iri, yana ba wani canji, idan ya ga doguwar takarda daga lambar da bai sani ba, abu biyu yake zato: ko ɗan damfara, ko mai roƙo.

Na ce masa ya manta da arba'in ɗin, mu zaɓi kanti ɗaya. Ya zaɓi na wani Alhaji mai sayar da irin albasa da takin zamani da kayan gyaran injin ban ruwa ga manoman fadamar Tarka. Na sa shi ya je ya sayi wani ɗan abu, ya zauna a bencin ƙofar kantin rabin awa, ya dawo ya gaya mini abin da idonsa ya gani.

Ya dawo da abu biyu. Na farko, rana ta cinye lambobi biyu na ƙarshe na ɗaya daga cikin layukan wayar da ke jikin allon. Na biyu, a ɗan zaman da ya yi, wayar Alhaji ta yi ƙara sau huɗu, kuma duk tambaya ɗaya ce: irin Galmi ya zo, nawa ne gwangwani? Na ce masa to ga aikinka nan. Alhaji ba ya neman tambari. Yana neman abin da zai rage masa maimaita farashi, da allon da baƙo daga Kaita ko Buza zai iya kwafar lamba a jikinsa.

Ga saƙon da muka rubuta tare:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ni ne yaron da ya sayi igiya a wurinku jiya da hantsi, ɗan gidan limamin unguwarmu a Buza, ina zaune wurin kawuna a nan Madawa. Ina tsara hotunan talla a waya. Na lura ana yawan kiranku a kan farashin iri, sai na ga zan iya haɗa muku hoto ɗaya mai sunan kanti da jerin kaya da farashi da lambarku, ku riƙa tura wa masu tambaya. Jika biyu ne, kwana biyu, sai kun gani kun yarda za ku biya. In kun ba ni izini in turo samfur. In babu buƙata, ba komai, Allah ya ba da kasuwa."

Kowane yanki na wannan saƙo yana da dalilinsa. Ya faɗi asalinsa tun da fari, domin a ƙasarmu ba a sauraron abin da mutum ya zo da shi sai an san ɗan wane ne. Ya yi amfani da "ku" na girmamawa. Ya kawo aiki ɗaya tak, wanda ya fito daga abin da ya gani a kantin. Ya faɗi kuɗin da bakin kasuwa, jika biyu, wato sefa 2,000, saboda mai kanti da bai ji farashi ba yakan ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ya yi shiru don kada ya ji kunya. Ya nemi izini kafin ya turo hoto, domin kuɗin intanet na Alhaji ne zai tafi wajen buɗe shi. A ƙarshe ya bar masa ƙofar ƙi ba tare da kunya ba.

Bayan rubutun, na sa ya maimaita maganar da murya, kada ta wuce daƙiƙa talatin. Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu karatun allo suka yi, lissafinsu ya fi namu, amma boko ba ya yi musu sauri, saƙon murya shi ne wasiƙarsu. Rubutun kuwa yana nan don ɗansu ko yaron kanti ya karanta, kuma don a sami shaidar farashin da aka faɗa. Ya tura bayan la'asar, ba ranar kasuwa ba.

Alhaji bai amsa ba. Yaron ya so ya sake turawa a daren, na hana shi. Bayan kwana uku ya je da ƙafarsa ya gaishe shi. Alhaji ya ce, "Af, kai ne? Na ji muryarka, ɗana. Mu ga abin." A nan ciniki ya fara.

Wani abokin aikina ya ce wannan ya nuna saƙon ba shi da amfani, tunda sai da yaron ya taka. Na yarda da rabin maganarsa. A gari kamar Madawa ko Kaita, saƙon waya ba ya ƙulla ciniki shi kaɗai. Amma shi ne ya sa da yaron ya iso ba baƙo ba ne, kuma ba a ɓata lokaci wajen bayani ba. Saƙon sallama ce daga zaure, shigar kuwa sai da ƙafa.

Ba zan ɓoye inda muka yi tuntuɓe ba. Da Alhaji ya ga hoton farashin ya ji daɗi, sai ya ce a sabunta masa allon ma. Yaron ya ce jika uku. Shi yana nufin ladan tsarawa, Alhaji kuwa ya ɗauka da jika uku zai ga allo a rataye. Masu buga irin wannan leda da mita suke lissafi, kuɗinsu daban, ga kuɗin mota in a wani gari za a buga. Saura kaɗan a kira yaron macuci. Sai da na je na ba da haƙuri, muka rubuta abu uku a takarda: ladan tsarawa, kuɗin bugu, kuɗin kawowa. Tun daga ranar, duk saƙon da ya shafi abin da za a buga sai ya ƙara jimla ɗaya: "Wannan ladan tsarawa ne kawai, kuɗin bugu daban." Ya kuma koyi faɗin cewa gyara sau biyu yana cikin kuɗin, kuma babban aiki sai da kafin alƙalami, rabin kuɗi.

Akwai kuma kurakuran sana'ar kanta da ke iya kunyata saƙo mai kyau. Hoton da za a sa a matsayin WhatsApp tsaye ake yin sa, 1080 x 1920, amma wannan girman ba ya isa allon mita biyu, sai an sake tsara shi da ma'aunin allon. WhatsApp yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto, don haka abin da za a kai wa mai bugu a fitar da shi PDF, a tura ta Document. Sannan baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba kowane salon rubutu ke da su ba. Alamar matsalar ita ce harafin ya fito da wata siffa dabam da ta ƴan'uwansa, ko ya zama ɗan akwati. Yaron da ya rubuta "kofa" a maimakon "ƙofa" a allon mutum, malaminsa za a tambaya. Lambar waya kuwa a karanta wa mai ita da baki, ɗaya bayan ɗaya, kafin a buga.

Game da samfur, wasu iyaye sun ce mini aikin banza ne yaro ya yi kafin a biya shi. Ni ina ganin mai farawa ba shi da wata shaida sai aikinsa, amma a yi iyaka: samfur ɗaya, bayan an ba da izini, da kalmar "samfur" a rubuce a tsakiyarsa har sai an biya. Wanda ya yi uku kyauta ya koya wa mai kanti cewa aikin ba shi da kuɗi.

Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai ƙarami ne. A darasin rubuta wasiƙa, mu ware awa ɗaya: kowane ɗalibi ya zaɓi kanti na gaske a unguwarsu, ya faɗi abu ɗaya da ya lura da shi a can, ya rubuta saƙon da bai wuce jimla shida ba da Hausa, sannan ya karanta shi da ƙarfi wani ya zama mai kanti. Wanda aka tambaya "wane ne?" ko "nawa ne?" ya san abin da ya manta. Iyaye kuma, in ɗanku yana wannan sana'a, ku ce ya karanta muku saƙonsa kafin ya tura. In ku da kanku ba ku gane abin da yake sayarwa da kuɗinsa ba, mai kanti ma ba zai gane ba. Kuma ku yarje masa ya ambaci sunan gidanku, domin shi ne jarin da yake da shi kafin ya yi nasa sunan.

Yaron nan har yanzu bai tara abin a zo a gani ba. Amma duk lokacin da farashin taki ya motsa, Alhaji yakan aiko masa da murya ya ce, "Ɗana, a gyara mini takardar nan."